"Yi Mini Waƙa, Kowace Iri": Abin da Mawaƙi Ke Yi Idan Ba a Faɗa Masa Komai Ba

Duk wanda aka san yana ɗan taɓa waƙa, ko a takarda ko a baka, ya san wannan buƙata. Wani zai tare shi a bakin masallaci, ko ya kira shi a waya, ya ce a yi masa waƙa. Idan ya tambaya ta mece ce, sai a ce kowace iri. Biki ne ko suna? A'a, haka kawai. Doguwa ko gajera? Yadda ka ga dama. Daga nan mai roƙon zai wuce harkarsa yana ganin ya kyauta, tunda bai ɗora wa mawaƙi wani sharaɗi ba. Shi kuwa mawaƙin an bar shi da aikin da ya fi kowanne wuya, don babu waƙar da ke tsayuwa sai an yanke shawara a kan abu huɗu: jigonta, wurin da za a rera ta, tsawonta, da sautin da baitocinta za su riƙa ƙarewa da shi. Wanda ya ce kowace iri bai kawar da waɗannan tambayoyi ba. Ya dai tattara su ne ya miƙa wa mai waƙar.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne, da wuya a sami mai cewa kowace iri wanda da gaske kowace irin yake so. Akwai abin da yake hange a ransa, ko da shi kansa bai iya furta shi ba. Ranar da aka kawo masa waƙar ne za a gane haka, idan ya saurara ya yi shiru, sannan ya ce, "Ta yi kyau, amma ban ji sunana ba."

Da can wuri ne ke ba da amsa

A tsohon tsarin kiɗa da waƙa na Hausa, irin wannan buƙata ba ta cika tasowa ba, domin wuri da kayan kiɗa sun riga sun amsa yawancin tambayoyin kafin makaɗi ya buɗe baki. Ibrahim Narambaɗa idan ya rataya kotso a fadar Sarkin Gobir na Isa, ba ya bukatar a gaya masa jigo. Sarauta ce: asalin sarki, kakanninsa, ƙasarsa, da zambo ga masu ja da shi. Haka Salisu Jankiɗi da taushinsa a fadar Sakkwato. Ɗan Anace idan ya shiga filin dambe, ɗan damben da ke tsaye shi ne jigo, kuma tsawon waƙar yana bin yadda wasa ya yi zafi. Barmani Choge da ƙwaryarta a taron mata ta san su waye masu sauraro, ta san abin da ke sa su tashi su taka. Gangar noma a wurin gayya ma haka. Ko da baƙo ne ya shigo fili, akwai sanƙira a gefe wanda aikinsa shi ne ya sanar da makaɗi sunan mutumin, da na mahaifinsa, da garinsu, da sana'arsa. Kafin makaɗi ya kai ƙarshen ɗan waƙar da yake ciki, an riga an ba shi kayan ginin na gaba.

A ɓangaren rubutacciyar waƙa ma akwai siffofin da ke zuwa da sharuɗɗansu. Ishiriniya ta Alfazazi, wadda ake rerawa a zaurukanmu da daren Mauludi, sunanta kaɗai ya faɗi tsarinta: baiti ashirin-ashirin ga kowane harafi na Larabci, jigo kuwa yabon Manzon Allah (SAW). Mai yin tahamisi, wato wanda zai ɗauki waƙar wani mai ɗango biyu ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti, shi ma an riga an zaɓa masa jigo da kari da amsa-amo. Aikinsa ya shiga gidan da wani ya gina ya faɗaɗa shi. Ko martani ma haka yake. Lokacin da Mudi Sipikin ya mayar wa Sa'adu Zungur amsa a kan waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, batun da zai yi magana a kai yana gabansa a shimfiɗe.

Yanzu kuwa buƙatar tana zuwa tsirara. Ta waya take zuwa, ko a shagon ɗaukar murya, inda fiyano ɗaya ke iya fitar da kiɗan sarauta da na soyayya da na bege, duk a zama guda. Babu fili, babu sanƙira, babu kayan kiɗan da zai nuna alkibla. Dole mawaƙi ya zama sanƙiran kansa.

Mu ɗauki tela

Bari mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ce wani matashin malamin firamare ne da ke rubuta waƙoƙi, kuma a bakin layinsu akwai wani dattijon tela da suke gaisawa kullum. Wata rana cikin azumi telan ya ɗago kai daga keke ya ce, "Malam ƙarami, an ce kana waƙa. Ni ma a yi mini mana."

"To, Malam, a kan me za a yi ta?"

"Kai dai ka yi kawai. Ai ku ne masana."

Kuskuren farko da sabon mawaƙi ke yi shi ne ya nace da tambayar jigo. Mutumin da ba ya harkar waƙa ba shi da amsar wannan tambaya, kuma idan aka matsa masa sai ya faɗi abin da ya fara zo masa a baki, ya ce a yi a kan zaman lafiya ko haƙuri, alhali ba shi ne muradinsa ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce wadda yake da amsarta a hannu: wa zai ji waƙar, kuma a ina? Idan telan ya ce yana so ya riƙa sa ta a shago abokan hira su ji, wannan waƙa ce guda. Idan ya ce iyalinsa zai kai wa, wata ce daban. Idan ya ce yana so masu kawo ɗinki su ƙaru, to talla yake nema, sai a sa sunan shago da kwatancen layi. Amsa ɗaya tak ta wannan tambaya tana warware fiye da rabin matsalar, domin masu sauraro su ne ke yanke tsawon waƙa, da irin kalmomin da za a iya sawa, da abin da ba za a taɓa ba.

A ce telanmu ya amsa da cewa a shago za a ji ta, shi da yaran da ke koyon aiki da dattawan da ke zama a benci. Daga nan malamin ya daina tambaya, ya koma kallo da sauraro. Ya zauna a bencin na ɗan lokaci. Zai ga yadudduka jibge a kan teburi, kowanne da 'yar takardar awo a maƙale. Zai ji wata mata ta aiko yaro a karo na uku. Wataƙila kuma ya ji telan yana faɗa wa abokinsa, cikin raha, cewa kowace shekara kayan 'ya'yansa ne na ƙarshe, wani lokaci sai an sauko daga idi yake gama su. Wannan maganar ita ce waƙar. Telan bai ba da ita a matsayin jigo ba, bai ma san ya ba da komai ba.

Me ya sa wannan ta fi "waƙar tela" gaba ɗaya? Domin jigo mai faɗi ba ya ba mawaƙi abin kamawa. Idan ya ce zai waƙe sana'ar ɗinki, zai ƙare da jera cewa sana'a ce mai albarka, mai rufin asiri, mai daɗaɗɗen tarihi, maganganun da idan aka cire kalmar tela aka sa kafinta babu abin da zai canza. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta gane waƙar da aka yi ba tare da an sami jigo ba: a musanya sunan mai ita da na wani, idan ba ta girgiza ba, to ba tasa ba ce. Amma dare guda, daren jajiberin salla, da mutum guda da ya jinkirta kayan 'ya'yansa don ya cika alƙawarin mutane, wannan ba za a iya ɗauke shi a kai wa kafinta ba. Ɗan Maraya Jos ya nuna wannan hanya tun tuni. Da ya tashi waƙar karen mota, bai tsaya yabon harkar sufuri ba, yaron motar ya bi da wahalhalunsa ɗaya bayan ɗaya.

Masana irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, a littafinsa Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, suna raba jigo da furucinsa da warwararsa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma, a nazarin waƙar baka, yana kiran abin turke. Sunan ya dace da aikin. Mawaƙi na iya zagayawa ya taɓo raha, ya taɓo addu'a, ya ambaci abokan shago, amma igiyar tana ɗaure a wuri guda. Malaminmu zai iya faɗin turkensa a jimla ɗaya: tela yana hana kansa da iyalinsa don ya tsare amanar mutane. Idan mawaƙi ya kasa faɗin nasa a jimla ɗaya, bai kamata ya ɗauki alƙalami ba tukuna.

Tsawo

Wannan shi ne mafi sauƙin yankewa, kuma lissafi ne kawai. Waƙar da za a saurara a shago, ana aiki ana hira, minti uku zuwa huɗu ya ishe ta. Ɗango mai gaɓa goma sha ɗaya yana cin kamar daƙiƙa huɗu idan an rera shi a natse. Baiti mai ɗango biyu daƙiƙa takwas ke nan, idan kuma ana maimaita amshi bayan kowane baiti, sai ya ninka. Saboda haka baiti goma zuwa goma sha biyu sun cika minti uku. A cikinsu a ware ɗaya ko biyu na buɗewa da sunan Allah da salati, kamar yadda aka gada, da ɗaya na rufewa da addu'a. Abin da ya rage wa labarin kansa bai wuce baiti bakwai zuwa goma ba. Mawaƙin da ya yi wannan lissafi tun farko ba zai ɓata baiti huɗu a gaishe-gaishe ba.

A ra'ayina, idan ba a faɗi tsawo ba, gajeriya ta fi. Wanda aka ba gajeriyar waƙa ya ji daɗinta zai ce a ƙara, kuma a lokacin zai faɗi ainihin abin da yake so a ƙara. Wanda aka ba baiti sittin kuwa zai yi godiya ya ajiye.

Kari, da kalmar da ta ƙi shiga

A nan ne aikin ya fi zurfi, kuma nan ne masu sauraro ke jin matsala ko da ba su san sunanta ba. Gaɓoɓin Hausa iri biyu ne ta fuskar nauyi. Akwai marar nauyi, wato baƙi da gajeren wasali, kamar "da" a cikin "dare". Akwai mai nauyi, wadda ko dai wasalinta dogo ne, kamar "re" a cikin "dare", ko kuma baƙi ya rufe ta, kamar "kan". Larabci ma haka yake raba gaɓoɓinsa, shi ya sa ma'aunan da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8 suka zauna wa Hausa daram. Ya fitar da goma sha biyar, aka ƙara na goma sha shida daga baya. Amma ba dole ne kari ya fito daga littafi ba. Aliyu Namangi na Zariya ya ɗauko karin Imfiraji ne daga kiɗan caji, ya ɗora masa wa'azi da bege. Yawancin mawaƙa ma ba sa ƙirga gaɓa da yatsa. Suna gunguni ne da wata murya har kalmomi su hau kanta.

A ce malaminmu yana tafiya gida yana gunguni, sai wannan ɗango ya faɗo masa:

Dare ya yi nisa, gari ya yi tsit

A karanta shi a hankali. Da-re-ya, yi-ni-sa, ga-ri-ya, yi-tsit. Kowane rukuni yana farawa da gaɓa marar nauyi, sai masu nauyi biyu su biyo, na ƙarshe kuma an datse masa guda. Wannan shi ne karin da malamai ke kira mutaƙarab. Malamin bai zauna ya zaɓe shi ba, ɗangon farko ne ya zo da shi. Amma daga wannan lokaci ya zama doka. Kowane ɗango da zai biyo baya sai ya taka wannan sawu, in ba haka ba mai rerawa zai yi tuntuɓe.

Ga inda dokar ke cizo. Waƙar tela ce, kuma kalmar da kowa zai zata a ciki ita ce allura. To amma allura gaɓa uku ce, al-lu-ra, dukkansu masu nauyi, shi kuwa wannan kari ba ya jera masu nauyi fiye da biyu. Duk inda aka saka ta sai ɗangon ya kumbura. Mawaƙi na da zaɓi uku: ya sauya kari gaba ɗaya, ya murguɗa kalmar ya gajarta mata wasali, ko ya haƙura da ita. Murguɗawar ce ta fi yawa a waƙoƙin da ake yi cikin gaggawa, kuma ita ce ke sa a ji mawaƙi ya furta kalma kamar ba Bahaushe ba. Malamin ya zaɓi ya haƙura, tunda akwai zare, kuma zare ya zauna daidai a ƙarshen ɗango.

Wani abin lura shi ne rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali. Saboda haka ba a auna waƙa da ido. Sai an furta ta, kuma ya fi kyau a ba wani ya rera ba tare da an koya masa muryar ba. Inda ya tsaya ya sake ɗaukowa, nan ne karayar take.

Amsa-amo

Ɗangon farkon nan yana da kyau, amma ba zai iya riƙe amsa-amon waƙar ba. Kalmomi nawa ne a Hausa ke ƙarewa kamar "tsit"? Idan malamin ya nace, zai ƙare a baiti na biyu. Mafita ita ce ya zaɓi zubin ƙwar biyu, inda ɗango na biyu ne ke ɗauke da babban amsa-amo, na farko kuma a sake yake. Da ƙwar biyar ya zaɓa, da sai ya nemi ƙaramin amsa-amo na ɗango huɗu a kowane baiti, ban da babban da ke rufe shi, kuma wannan nauyi ne da gajeriyar waƙar shago ba ta bukata.

Kafin a ɗaure kai da wani amsa-amo, dabara ita ce a zauna a jera kalmomin da ke akwai. Idan baiti goma za a yi, ana son a ga aƙalla kalmomi goma sha biyar a ƙasa, don a sami na zaɓe. Malamin ya gwada "re": zare, dare, tsare, cire, fure, tsire, kare, sannan ƙare, jure, ɗaure, share, zaure, tare. Sun isa, amma ba duka ne za su yi ba. Karin yana son ɗango ya ƙare da gaɓa marar nauyi sannan mai nauyi, don haka zare da dare da tsare da cire sun shiga kai tsaye, su ƙare da jure da zaure kuwa gaɓarsu ta farko ta yi nauyi. Tsire da kare sun dace da kari, amma me ya kawo su shagon tela? A nan ne amsa-amo ke jan mawaƙi ya kauce. Za ka ji waƙa tana tafiya lafiya, kwatsam sai ga mai tsire ya shigo, ba don labarin ya neme shi ba sai don baitin na neman "re". Idan kalmomin da suka rage ba su kai ba, gara a rage baitoci, ko a koma wani sautin tun da wuri.

Akwai kuma tarko ta ɗaya gefen, wato amsa-amo mai arha. "Wa" da "ya" da "ba" ba sa ƙarewa a Hausa, domin kusan kowane aikatau ana iya liƙa masa "wa", kowace jimla kuma ana iya kore ta da "ba". Manyan mawaƙa sun yi amfani da su sun yi fice. Sa'adu Zungur ya riƙe "ya" tun daga farkon waƙar da muka ambata har ƙarshenta. Sai dai a hannun wanda ba shi da abin faɗa, yalwar ce ke zama illa, domin baitoci za su yi ta zuba ba tare da wani abu ya tilasta masa tsayawa ya yi tunani ba. Wanda aka ce wa "kowace iri" ya fi kowa fuskantar wannan haɗari.

Ga abin da malamin ya samu a tsakiyar waƙarsa:

Dare ya yi nisa, gari ya yi tsit,
Idanunka, Malam, suna kan zare.

Akwai riguna jibge kan teburi,
Ana gobe salla a wannan dare.

Na yaranka har yanzu sai dai jira,
Amanar mutanen gari, ka tsare.

Baiti na farko da na uku sun tsaya da ƙafarsu. Na biyun yana da ɗan rauni, kuma ya kamata a faɗa. "A wannan dare" bai ƙara komai ba, tunda an riga an ce dare ya yi nisa. Ciko ne, an sa shi don a kai ga amsa-amo. Ciko guda a waƙa ba ya kashe ta, har ma a wajen rerawa yana ba kunne hutu. Amma idan aka sami irinsa a kowane baiti, su "ku ji 'yan'uwa" da "hakika kuwa" da "ina faɗa muku", to alama ce mawaƙin yana da kari da amsa-amo amma ba shi da magana. Gwajin mai sauƙi ne: a zare kowane ɗango a gani ko ma'ana ta ragu.

A lura kuma da inda aka ajiye turken. Bai zo a baitin farko ba. An fara nuna dare, an nuna tarin aiki, sannan aka kawo yaran da ke jira, sai ɗango na ƙarshe ya faɗi dalili. Da an fara da cewa tela mai amana ne, da sauran baitocin sun zama maimaici.

Abin da zai iya ɓata ta duk da haka

Kari ya daidaita, amsa-amo ya zauna, amma waƙar na iya jawo ɓacin rai, kuma wannan ya fi faruwa idan ba a ba da jigo ba. Duba baiti na uku. Malamin yabo yake nufi. Amma idan aka sa waƙar a shago, wani daga cikin 'yan benci zai iya kwashewa da dariya ya ce, "Ka ji, an ce ba ka ɗinka wa 'ya'yanka kayan salla!" Kunnen Bahaushe ya saba da habaici, yana nemansa ko inda babu shi. Maganar da mutum ya faɗa da bakinsa cikin raha daban take da wadda aka sa masa a waƙa ana maimaitawa. Saboda haka kafin kowa ya ji, malamin zai koma wurin telan shi kaɗai ya rera masa, ya ce, "Malam, ga abin da ya samu. Wannan baitin na yara, a bar shi ko a cire?" Idan dattijon ya yi murmushi ya ce a bari, shi ke nan. Idan ya ɗan yi jim, sai a sauya, ko a ƙara baiti a bayansa da ke nuna kafin a tafi idi yaran ma sun sa nasu.

A wannan zaman ne kuma sauran buƙatun da aka ɓoye ke fitowa. Sai a ji ya ce a sa sunan maigidansa da ya koya masa ɗinki, Allah ya ji ƙansa. Ko ya ce ba a ambaci garinsu ba. Mutumin da ya ce ba shi da zaɓi, yanzu da ya ga abu a ƙasa ya sami bakin magana. Gogaggen mawaƙi yana barin gurbin wannan tun farko, baiti ɗaya ko biyu da za a iya cirewa a sa suna ba tare da ginin ya rushe ba. Sunan ma sai an auna shi da kari, don wani sunan yana shiga kai tsaye, wani kuma sai an nemo laƙabi ko alkunya.

Mai karatu zai iya cewa, to ai Mamman Shata ba ya duk wannan dogon shiri. Gaskiya ne an san shi da ƙirƙirar waƙa nan take, kuma babu abin da ya fi ƙarfin bakinsa, har kumbon Apollo 11 da ya kai mutane duniyar wata a 1969 sai da ya waƙe. Amma idan aka saurari waƙoƙinsa da kyau za a ga shawarwarin nan duk yana yanke su, cikin ƙiftawar ido ne kawai. Yana fara kafa amshi, gajeren layi guda da 'yan amshi za su riƙa maimaitawa ba canji, kuma a cikinsa galibi akwai sunan wanda ake wa waƙar ko abin da ake waƙewa. Jigo ke nan. Kalangu ya riƙe masa kari. Yayin da 'yan amshi ke karɓa, shi yana shirya ɗan waƙa na gaba. Tsawo kuwa fili ne ke yankewa. Amsa-amon ƙarshen layi bai zame masa dole ba, kamar yadda bai zame wa yawancin makaɗan baka ba, saboda amshin da kiɗan sun riga sun ɗaure waƙar.

Wannan ya nuna wata hanya ga malaminmu idan telan ya ce shi da kiɗa yake son tasa. Sai a ɗauki baitin farko a mai da shi amshi, a kai wa mai fiyano ya gina kiɗa a kan wannan kari. Matsalar da ake yawan samu a shagon ɗaukar murya ita ce a tarar mai kiɗa ya riga ya haɗa nasa tun kafin a zo, sai a ce mawaƙi ya hau. Idan bugun kiɗan bai yi daidai da tafiyar gaɓoɓin ba, mawaƙi zai fara jan gajerun wasula yana haɗiye dogaye, waƙar da aka auna da kyau a takarda ta fito a karkace. Maganinsa shi ne a rera wa mai kiɗan baitocin da baki tukuna, a bar shi ya bi. Kuma tun kafin a shiga, a yi magana a fili kan wanda zai biya kuɗin ɗauka da na 'yan amshi, domin dattijon da ya ce a yi masa waƙa yana kan kekensa wataƙila bai taɓa kawo wa ransa cewa akwai kuɗin fiyano a ciki ba.